Wai ragin kashi 25 a kan firiza, gaskiya ne ko dai lamba ce kawai suka rubuta?

Maman Ilham: Salamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah ina neman shawara kafin na tura kuɗi. Tun bayan sallah nake tarin kuɗin firiza saboda sana'ar ƙanƙara da zoɓo, wacce nake da ita ta tsufa kwamfiresa sai ta ga dama take tashi. To jiya na shiga wani shagon onlayin da na saba leƙawa na tarar sun sa garabasar Black Friday, firizar da nake so mai lita 200 an rubuta N480,000 an ja mata layi, a ƙasa an sa N360,000, wai ragin kashi 25, har da agogo yana ƙirga saura kwana biyu. Ni dai raina bai kwanta ba don kamar na taɓa ganinta ƙasa da haka, amma ban tuna ko ita ce ko wata ba. Ya ake gane ragin nan na gaske ne? Kuɗin adashe na ne wlh, bana so na yi gaggawa kuma bana so ta wuce ni

Abba Gwammaja: Wa alaikumussalam. Hajiya kar ki wahalar da kanki, duk ƙarya ce. Sai su ƙara kashi 25 a watan goma su cire kashi 25 a watan sha ɗaya a koma inda ake, shi kenan fa dabarar

Nura Injiniya: Wa alaikumussalam Maman Ilham. Abba ka kusa amma lissafin ba haka yake ba, kuma ba duka ne ƙarya ba. In kaya dubu 100 ne aka ƙara kashi 25 ya zama 125, in aka cire kashi 25 daga 125 ai 93,750 zai dawo, ka ga an ɗan yi ragi kenan. Wanda yake son ya dawo daidai dubu 100 daga 125 kashi 20 zai rubuta. Na faɗi wannan ne don a gane kason da ake rubutawa ya dogara da lambar da aka ɗora shi a kai, kuma lambar nan mai kaya ne ya zaɓe ta da hannunsa.

Maman Ilham, ki manta da 480 ɗin nan tukuna, ki ɗauka ba ki gan ta ba. Tambayar ɗaya ce: nawa ake sayar da firizar nan, ita ɗin dai, a shagon nan, sati huɗu ko takwas da suka wuce? In mun samo wannan an gama magana. Kin ce kamar kin taɓa ganinta, ba ki taɓa ɗaukar hotonta kin tura wa wani ba? Ki duba hotunan wayarki, ki kuma duba hirarki da maigida ko wata ƙawa, ki rubuta firiza a wajen bincike na WhatsApp. Yawancinmu muna da tarihin farashi a waya ba mu sani ba

Maman Ilham: Kai Allah ya yi maka albarka, bari na duba. Ina ga na tura wa ƙanwata lokacin da muke maganar kwasar adashe

Ummi Kayan Kicin: Ni dai shawarata ki tabbatar orijina ce kuma akwai garanti, don yanzu jabu sun yi yawa, maƙociyata ta sayi wata wata uku ba ta yi ba gas ya zube

Maman Ilham: Hakane Ummi, wannan ma zan duba, amma yanzu maganar kuɗin nake so na fara ganewa

Maman Ilham: Na samo! Ranar 28 ga watan tara na tura mata sikirinshot, N345,000 ne a jiki. Innalillahi. Kenan yanzu da ake cewa an yi ragi ta fi da tsada?

Abba Gwammaja: Ba na faɗa ba

Nura Injiniya: Tsaya tukuna Abba, kar mu yanke hukunci da hoto ɗaya. Maman Ilham ki buɗe hoton ki haɗa shi da shafin yau ki duba abu uku. Lambar samfurin, wato haruffa da lambobin nan da suke bayan sunan kamfani, su zama iri ɗaya harafi da harafi, saboda kamfani ɗaya zai yi mai lita 150 da mai lita 200 hotonsu kusan ɗaya, ko a samu mai inbata da mara inbata kuma tsakaninsu akwai kuɗi sosai. Sai sunan mai sayarwa, don manyan shagunan onlayin kasuwa ce, ƴan kasuwa da yawa ne a ciki kowa da farashinsa, za ki ga an rubuta sunan dilan a gefe ko a ƙasa. Na ukun, a hoton watan tara ɗin akwai wata lamba da aka ja wa layi? In akwai nawa ce?

Maman Ilham: Lambar samfuri ɗaya ce na karanta sau biyu, dila ma shi ne. A hoton watan tara akwai wacce aka ja wa layi, N420,000 ce, an sa ragin kashi 18

Nura Injiniya: To kin ga abin da nake nema kenan. Watan tara ma cewa suka yi tana cikin ragi, daga 420 zuwa 345. Yau sun ce daga 480 zuwa 360. Lambar saman ta tashi da dubu 60, kuɗin da za ki biya ya tashi da dubu 15, amma kason ragi ya ƙaru daga 18 zuwa 25, ido kuma kason yake fara gani. Ba mu da shaida ko ɗaya cewa wani ya taɓa biyan 480 ko 420 a kan firizar nan. Abin da muke da shaida a kai shi ne 345 a watan tara da 360 yau. Dubu 15 a kan 345 kusan kashi 4 ne, kuma ƙari ne ba ragi ba.

Amma fa akwai giɓin wata biyu a tsakani. Wataƙila ta hau sosai a watan goma yanzu suka sauko da ita. Ko akwai wanda ya ga firizar nan a tsakanin? Ki sa hotonta a nan

Maman Ilham: Ga shi nan na sa

Zainab Tudun Wada: Laa wannan ai ita ce nake bi saboda kayan ɗakin ƙanwarmu. Ni a littafi nake rubutawa don Mama tana tambayata duk sati. 19 ga watan goma 345 take, sai 3 ga watan sha ɗaya na ga ta koma 399 har na kira Mama na ce mun yi sake ta tashi. Ban taɓa ganinta 480 ba gaskiya, kuma kusan duk sati nake leƙawa

Nura Injiniya: Madalla Zainab, littafin nan naki ya fi duk wata manhaja amfani a nan. Yanzu ga abin da muke da shi:

28 ga watan tara, 345,000
19 ga watan goma, 345,000
3 ga watan sha ɗaya, 399,000
yau, 360,000

In kika auna da 399, an sauke dubu 39, bai kai kashi 10 ba ma, saura kaɗan. In kika auna da 345 da ta daɗe a kai, an ƙara dubu 15. Ko ta wace hanya aka bi babu kashi 25. Kuma irin wannan tafiyar, a zauna wuri ɗaya tsawon makonni, a yi tsalle sati biyu ko uku kafin garabasa, sannan a sauko amma ba a kai inda ake da ba, ita ce alamar da ake nema in ana duba tarihin farashi

Alhaji Sabo Mai Lantarki: Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu, bari ɗan kasuwa ma ya ce wani abu don kar a yi mana kuɗin goro. Shekara ashirin da wani abu ina sayar da firji da fanka da injin wanki. Malam Nura lissafinka daidai ne, amma a ƙasar nan tsohon farashi ba kullum yake zama hujja ba. Mu ba da kuɗin da muka saro muke sa farashi ba, da kuɗin da za mu sake sarowa muke sawa, in ba haka ba ka sayar da goma ka koma ka kasa ɗauko bakwai. Ku tuna watan shida na 2023 da aka saki naira, dala a hukumance ta tashi daga wajen 460 ta haura 700 cikin ƴan kwanaki, zuwa watan biyu na 2024 ana maganar 1,500. Kayan da yake dala 200, lokacin da dala take 750 a kasuwar canji dubu 150 ne, da ta kai 1,500 ya zama dubu 300 ba wanda ya taɓa shi. A lokacin in na sayar maka dubu 270 wallahi ragi na yi maka na gaske, dala 20 na sauke, amma kai in ka ɗauko hoton bara za ka ce na ninka maka kuɗi. To wanda zai duba tsohon farashi ya duba nawa dala take a ranar shi ma

Nura Injiniya: Gaskiya ne Alhaji, ranka ya daɗe, wannan gyara ne mai kyau. Shi ya sa ba a zuwa nesa. Farashin bara ba ya gaya maka komai a kan garabasar bana. Sati huɗu zuwa takwas ake dubawa, in kuma a cikinsu dala ta yi motsi sai ka raba kowane farashi da kuɗin dala na ranar ka ga ko a dala ma ya tashi. Amma Alhaji kai da kake ciki, daga ƙarshen watan tara zuwa yanzu dala ta yi tashin da zai kai firiza daga 345 zuwa 399? Kusan kashi 16 ne fa

Alhaji Sabo Mai Lantarki: A'a ba ta yi ba, wannan kam ba zan ce dala ba ce. Sai dai akwai wani abu, wani lokaci tsohon kaya ne ya ƙare aka shigo da sabon lodi, kamfani ya turo sabuwar takardar farashi ga dilolinsa, ko kuɗin mota daga Legas ya ƙaru. Yana faruwa. Ban ce shi ne ya faru a nan ba, ban san dilan ba. Amma hanyar ganewa mai sauƙi ce, in kamfani ne ya ƙara to kowa zai ƙara, mu ma a kasuwa za ki tarar mun ƙara. In shi kaɗai ya tashi sauran suna nan inda suke to shi ya san dalilinsa. Ita 480 ɗin kuwa ba zan kare ta ba, mai lita 200 irin wannan ban ga wanda ya sayar haka ba

Abba Gwammaja: To ai maganata ce dai Alhaji, zagaye kawai ake

Alhaji Sabo Mai Lantarki: Ba ɗaya ba ce Abba. Kai ka ce duka ƙarya ne. Ni kaina ina karya kaya da gaske in sabon samfuri zai shigo ko ina neman kuɗin hannu, wanda ya ce duka ƙarya ne shi ma zai bar arahar gaske ta wuce shi

Anti Hadiza Jamus: Sannunku. Maganar nan ta ja ni don a nan inda nake an yi doka a kanta takanas. Tun 28 ga watan biyar na 2022 a ƙasashen Tarayyar Turai, in shago zai ce ya yi ragi dole ya nuna farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar da kayan a cikin kwana 30 da suka wuce. Ba wanda ya ga dama ba, ba na jiya ba, mafi ƙasa a cikin kwana 30. Har an je kotu a kan ayaba, Allah kuwa. Wani babban kanti da muke da shi a nan, Aldi Süd, ya tallata ayaba kilo ɗaya yuro 1.29 ya ce ragin kashi 23 daga 1.69, alhali a cikin kwana 30 ɗin ya riga ya taɓa sayar da ita 1.29, ya ma rubuta hakan da ƙananan haruffa a ƙasa. Ƙungiyar kare masu saye ta jihar Baden-Württemberg ta kai ƙara, magana ta kai kotun Tarayyar Turai, a watan tara na 2024 kotu ta ce ba ya isa a rubuta a ƙasa, shi kansa kason ragin dole a lissafa shi daga mafi ƙarancin farashin kwana 30 ɗin.

To Maman Ilham in kika ɗauki ma'aunin nan kika ɗora a kan firizarki, sai a tambaya ranar da garabasar ta fara, in aka ƙirga kwana 30 baya, an haɗa da lokacin da take 345? In an haɗa, a nan ba za su iya kiran 360 ragi ba sam

Zainab Tudun Wada: Anti ranar 14 suka fara, na ga sanarwar. Kwana 30 baya ya kama 15 ga watan goma kenan, ni kuma na rubuta 345 ranar 19. Ya shiga ciki

Anti Hadiza Jamus: To kin gani. Amma kar na sa ku ɗauka nan an gama da matsalar, masu wayo sai su ɗaga farashi kwana talatin da ƴan kai kafin lokaci, ko su daina cewa ragi su koma kwatanta da farashin da kamfani ya ba da shawara a sayar, wanda kusan ba mai sayarwa a haka. Shi ya sa ni ko a nan ba na tsayawa a kwana 30, ina duba wata uku

Sadiq Ɗan Boko: Ai akwai shafukan da suke yin aikin nan kyauta, ku shiga camelcamelcamel ko ku sa Keepa, ki kwafo adireshin firizar ki liƙa zai zano miki duk farashinta tun daga farko

Nura Injiniya: Sadiq waɗannan biyun na Amazon ne kawai, ba za su ga shagunanmu na nan ba. Ga mai yin oda daga Amazon Amurka ko Ingila ko wanda yake aiko ɗan uwa ya taho masa da kaya, eh suna da amfani sosai. Kowane kaya a Amazon yana da lamba mai harafi goma da suke kira ASIN, tana cikin adireshin shafin bayan `/dp/`, ita za ka liƙa a camelcamelcamel ya fito maka da zanen hawa da saukar farashi, da mafi tsada da mafi araha da aka taɓa gani da ranakunsu. Keepa kuma in ka sa shi a burauzar kwamfuta zanen yana fitowa a ƙarƙashin kayan kai tsaye. Abin lura ko a can, layin farashin Amazon kansa daban, na sauran dilolin daban, na kwance daban, in ka haɗa su za ka rikice ka ɗauka an taɓa sayar da sabo a kuɗin na hannu.

Mu a nan abin da ya fi kusa da haka shi ne Wayback Machine, rumbun da yake ajiye hoton shafukan intanet na baya. Ki kwafi adireshin shafin firizar, ki shiga

```
web.archive.org
```

ki liƙa a akwatin, in an taɓa ajiye shafin zai nuna miki kalanda da ɗigo a ranakun da aka ajiye, ki taɓa rana ki ga yadda shafin yake a ranar. Amma kar ki sa rai da yawa, galibin shafukan kaya ɗaiɗai ba a taɓa ajiye su ba, wani lokaci kuma shafin ya buɗe amma wajen farashin ya fito babu komai. Shafin rukuni, kamar wanda ya jero duk firizoji, ya fi yawan samuwa, sai ki nemi taki a ciki

Maman Ilham: Na gwada yanzu, ya ce babu komai a kan adireshin

Nura Injiniya: Na yi tsammani. Wani abin kuma, in dila ya goge tsohon shafin kaya ya buɗe sabo, adireshi ya canza, duk tarihin ya tafi. Ana iya gane wannan ta wajen sharhin masu saye, kayan da kika san ya yi wata shida a shagon amma yau ki ga ba sharhi ko ɗaya ko duka na satin nan ne, to sabon shafi ne. Ke dai kin riga kin samu abin da ya fi, hotonki da littafin Zainab. Don gaba kuma akwai wajen da mutum zai ajiye shafi da kansa a

```
web.archive.org/save
```

ya zauna da kwanan wata, ba wanda zai ce ƙirƙira ka yi

Sadiq Ɗan Boko: Ok na gane, ni a Amazon ɗin na taɓa gani dama. Amma ba za a iya kai ƙararsu ba? Ai muna da FCCPC

Nura Injiniya: Akwai, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, kuma dokarta ta 2018 ta hana yaudarar mai saye a kan farashi, suna karɓar ƙorafi. Wanda zai kai sai ya riƙe hotuna masu kwanan wata da lambar samfuri a jiki, baki kawai ba zai yi ba. Amma wannan hanya ce daban, ba za ta sa wa Maman Ilham firiza a gida kafin jibi ba

Issoufou na Maraɗi: Salam. Mu nan wajenmu duba tsohon farashi ya fi sauƙi don sefa tana ɗaure da yuro, 655 da ƴan kai, ba ta rawa kamar naira. In ɗan kasuwa ya ce mini jiya jaka ɗari ne yau ya bar mini tamanin, in na tuna wata uku baya tamanin ɗin ne to ba shi da dala da zai fake da ita, sai dai ya ce hanya ko kwastan. Amma kayan da ake ɗaukowa daga Kano su kam farashinsu na bin canjin naira da sefa, nan ma sai ka yi lissafi biyu

Ummi Kayan Kicin: Ni abin da ya taɓa faruwa da ni daban ne, tukwane na gani an ce ragi rabi da rabi, kuma da gaske kuɗin ya sauka sosai daga yadda na san shi, da suka zo ashe saiti mai guda uku ne, na da ɗin mai guda biyar ne, hoto dai shi ne ba su canza ba. A rubutun ƙasa ne aka sa 3 ni ban karanta ba

Nura Injiniya: Shi ya sa na fara da lambar samfuri Ummi. Tsohon farashi ba ya aiki sai kayan ɗaya ne sak

Alhaji Sabo Mai Lantarki: Maman Ilham wani abu da ba a taɓo ba, 360 ɗin har da kawowa gida? Firiza ba waya ba ce. Ki danna kamar za ki biya ki tsaya a shafin ƙarshe ki ga jimla

Maman Ilham: Na yi Alhaji, kuɗin kawowa N18,000, jimla N378,000. Kuma na koma hirarmu da ƙanwata, a watan tara na rubuta mata cewa da kawowa 357 zai kama, kenan lokacin dubu 12 ne kawowar

Alhaji Sabo Mai Lantarki: To kin ga bambancin gaske dubu 21 ne ba 15 ba, 378 da 357. Jimla ake kwatantawa da jimla. Yanzu ki sa wani ya shiga kasuwa gobe da lambar samfurin a rubuce a takarda ya tambayi shago uku, kar ya nuna musu hoton onlayin ɗin, ya tambaya kawai nawa za a bari. Ba sai shagona ba, ko'ina. In kin ji suna cewa 390 ko 400 to kamfani ne ya ƙara kuma 360 ɗin nan araha ce duk da ƙaryar 480 da aka rubuta a kai. In kin ji 350 ko 360 to kin san inda za ki

Abba Gwammaja: Yanzu Alhaji ko an tabbatar lambar ƙarya suka rubuta sai ta saya a wajensu? Ni wlh ko sun fi araha ba zan ba su kuɗina ba, wanda ya yi maka ƙarya a farashi zai yi maka a garanti

Anti Hadiza Jamus: Ni ma raina yana tare da Abba a nan gaskiya

Nura Injiniya: Ni kuma ina ganin tambaya biyu ce. Ragin kashi 25 gaskiya ne? A'a, mun gani da lamba. Ko 378 shi ne mafi araha da za ta samu a satin nan? Wannan sai an dawo daga kasuwa. Mutum zai iya ƙin saye don ya ji haushin yaudarar, haƙƙinsa ne, amma kuɗin adashe ne kuma sana'a ke jira

Maman Ilham: To agogon nan fa da yake cewa saura kwana biyu? Shi ne yake tayar min da hankali, kar na tsaya bincike ta koma 399

Zainab Tudun Wada: Maman Ilham ranar 14 da suka fara ma kwana uku na ga ya nuna, yau sati guda kenan yana nan yana ƙirge. Ban san ko wannan karon da gaske zai ƙare ba amma ya taɓa ƙarewa ya sake farawa

Nura Injiniya: Zai iya komawa 399 ɗin na ɗan lokaci, ba zan ce miki ba zai koma ba. Amma ki auna, abin da za ki rasa in ya koma shi ne farashin da ya riga ya fi na watan goma tsada, kuma kasuwa tana nan. Ki ɗauki hoton shafin yau da agogon a jiki, jibi ki sake ɗauka

Maman Ilham: Na ɗauka. Na kira ƙanin maigida zai shiga kasuwa gobe da safe, na rubuta masa lambar samfurin da lita 200, na ce shago uku kamar yadda Alhaji ya ce kuma ya tambaya har da kuɗin mota zuwa gida. Zainab dan Allah ki ci gaba da rubutawa a littafin nan har bayan garabasar mu ga inda za ta tsaya, ni ma na fara nawa yau

Zainab Tudun Wada: In sha Allah. In ya dawo ki faɗa mana nawa suka ce, don Mama ma jira take